In manhaja ta ba ka matsala, rubuta wa Oga haka

Ƴan uwa sababbin shiga, ku daina tura wa manya "ba ya aiki" kawai. Na taɓa yi, Oga ya bar ni ina shanya har la'asar. Ga wanda na tura jiya daga ofishinmu na Zoo Road:

"Oga, barka da aiki. A Chrome 120 na kan Android, na buɗe `/register`, na sa lambar waya da `+234` a gaba, na danna `Submit`. Kamata ya yi rajista ta shiga, amma sai ya fito da `500 Internal Server Error`. Sau uku na maimaita, haka. In na fara lambar da `0`, lafiya lau take wucewa. Ga hoton allon."

Wannan gwajin na `0` shi ya nuna masa inda matsalar take, kafin azahar ya gyara.