Ka Ƙirga Amsoshi Kafin Ka Zana Jadawali: Kurakuran da Na Gaji da Gani a PivotChart

Duk wanda ya kawo mini jadawalin binciken jin ra'ayi don in duba masa, tambaya ɗaya nake fara yi: mutum nawa suka amsa? Sai in kalli `Grand Total`, wato jimillar da ke ƙasan teburinsa na PivotTable, teburin da Excel ke taƙaita bayanai a ciki kuma yake zana PivotChart daga gare shi. Idan lambobin biyu ba su yi daidai ba, ko kallon zanen ba na yi.

Wannan ɗabi'a ta samo asali ne daga wata kunya da na sha. Mun tambayi mutum 200 yadda suka gamsu da wani horo, daga maki 1 zuwa 5. Na ja ginshiƙin makin zuwa `Rows`, na sake jan sa zuwa `Values`, na danna `PivotChart`. Zane ya fito da tudu a tsakiya, wato maki 3 da 4 sun fi tsawo. Na kai rahoto cewa jama'a sun gamsu daidai gwargwado. Ashe Excel bai ƙirga kowa ba. Da ya ga ginshiƙin duk lambobi ne, sai ya zaɓi `Sum`, ya yi ta tara makin.

Ga abin da ke ƙasa. Mutum 60 ne suka ba da maki 1, mutum 50 suka ba da 2, sai 40, sai 30, mutum 20 kacal suka ba da 5. Amma tarawa ta mayar da su 60, 100, 120, 120 da 100. Mutum 20 ɗin nan sun rinjayi mutum 60 a zane, alhali rukunin da ya fi yawa shi ne na waɗanda horon bai yi musu ba ko kaɗan. Jimillar tana nan ƙuru-ƙuru, 500 maimakon 200, ban duba ba. An tsara zagaye na gaba a kan rahotona kafin wata abokiyar aiki ta gano, kuma har yau abin yana ci mini rai. Gyaran kuwa bai kai minti ɗaya ba: ka shiga `Value Field Settings` ka zaɓi `Count`.

Ni yanzu ba na ƙirga da ginshiƙin amsa ma. Ina ba kowane mai amsa lamba, daga 1 zuwa 200, ita nake sa wa a `Values` da `Count`. Dalili shi ne `Count` ba ya ƙirga gurbin da babu komai, don haka waɗanda suka tsallake tambaya sai su ɓace shiru. Da lambar mai amsa kuwa, za ka gan su a layin `(blank)` da adadinsu.

Kuskure na biyu shi ne tambayar da aka yarda mutum ya zaɓi amsa fiye da ɗaya. A ce an tambayi wace na'ura yake karatu da ita. Google Forms yana zuba zaɓin duka a gurbi guda, kamar "Waya, Kwamfuta", kuma teburin zai ɗauki wannan a matsayin rukuni mai zaman kansa. Sai ka ga zaɓi uku sun haifi sanduna har bakwai. Haba jama'a! Kana ganin sanduna bakwai a tambaya mai zaɓi uku, ka tsaya sauya musu launi? Koma ka raba amsoshin tukuna. Ni Power Query, kayan gyara bayanai da ke cikin Excel, nake amfani da shi: `Split Column`, sai `By Delimiter`, a ƙarƙashin `Advanced options` ka zaɓi `Rows`, sannan ka yi `Trim` don share tazarar da ke bayan waƙafi. Wasu sun fi son dabara irin wannan:

```
=COUNTIF(C2:C201,"*Kwamfuta*")
```

Tana aiki, amma za ta haɗa da "Kwamfutar hannu", tunda kalmar farko tana cikin ta biyu. Shi ya sa na daina yarda da ita. Bayan an raba, a nan kaɗai jimilla za ta wuce 200 ba tare da laifi ba, domin zaɓi ake ƙirgawa. Idan mutum 150 sun zaɓi waya, ka raba da 200, kashi 75 ke nan. Kada ka dogara da `% of Grand Total`, don shi da yawan zaɓi zai raba.

Sauran ƙanana ne. "Waya" da "Waya " mai tazara a ƙarshe rukuni biyu ne a wurin teburin, `TRIM` ke maganinsu. Amsoshi irin "Sosai" da "Kaɗan" bisa haruffa ake jera su, sai ka ja su da hannu su bi ma'ana. Idan sababbin amsoshi sun shigo, ka danna `Refresh`, kuma tun farko ka mayar da bayanan tebur da `Ctrl+T` don sababbin layuka su shiga ƙirgar.