Kafin ku haɗe iyakokin ƙauyuka zuwa ƙananan hukumomi a QGIS

Salamu alaikum 'yan uwa. Ga shawara ga duk mai son fitar da taswirar ƙananan hukumomi daga iyakokin ƙauyuka ta hanyar Dissolve.

Kada ku yi haɗin da ginshiƙin suna. In akwai na lambar ƙaramar hukuma, shi za ku zaɓa a Dissolve field(s). Satin da ya wuce na haɗa na ƙananan hukumomi 8 na cikin birnin Kano da ginshiƙin suna, sai na ga layi 10 a teburi. Ashe an rubuta Nasarawa a wani wuri, Nassarawa a wani, Gwale kuma guda ɗaya da tazara a ƙarshenta, wadda ido ba ya gani. Na daidaita rubutun Nasarawa da hannu, tazarar kuma na cire ta a Field Calculator:

```
trim("lga_name")
```

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yawan jama'a. Dissolve ba ya tara lissafi, adadin ƙauyen farko kawai yake ɗorawa a kan ƙaramar hukumar gaba ɗaya. Sai ka ga Kumbotso da mutanen ƙauye ɗaya! In kuna son jimilla, ku koma Aggregate, ku sa lambar a Group by expression, ku ba ginshiƙin jama'a sum.

Bayan an gama, ku matso da taswirar sosai. In kun ga 'yan siraran layuka a tsakiyar Ungogo, iyakokin ƙauyukan ne ba su manne da juna ba tun asali. Delete holes na share su, amma ku ba shi ƙaramin awo, kada ya cike ramin da gaske ne.