Yadda Na Warware Gardamar √10 + √17 da √53

A wani darasin yamma a Daura, ɗalibaina sun rabu biyu kan wanne ya fi girma tsakanin √10 + √17 da √53, kuma babu kalkuleta a ajin. Wasu sun haɗa 10 da 17 suka ce √27, kuskuren da na fara gogewa daga allo, domin saiwar lamba ba ta haɗuwa haka.

Sai na ninka kowane ɓangare da kansa, abin da ya halatta tunda duka biyun sun haura sifiri. Na farko ya ba da 27 + 2√170, na biyu 53. Da na cire 27 daga kowanne kuma na raba biyu, saura √170 da 13. To, 13 sau 13 shi ne 169, wanda bai kai 170 ba, don haka √10 + √17 ya fi girma, kodayake da ƙyar ya sha.