Na'urar tura mutum zuwa Mars: inda ake yawan zamewa in ana gardamar "har yanzu ni ne?"

Misalin na masanin falsafa Derek Parfit ne, daga littafinsa na 1984. Ka shiga wani ɗaki ka danna maɓalli, na'ura ta karance duk ƙwayoyin jikinka da na ƙwaƙwalwarka ta rusa jikin nan take, ta aika bayanin zuwa Mars, can kuma wata ta ƙera sabon jiki sak irin naka. Wanda ya fito yana tuna komai har lokacin danna maɓallin. To tafiya ka yi ko mutuwa?

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce "ai ba su da bambanci ko kaɗan, to shi ne mana". Kama daban, zama abu ɗaya daban. Fotokwafi ko ta kai yaya kyau takarda ta biyu ce. Gyaran mai sauƙi ne, ka daina tambayar ko sun yi kama, ka tambayi mutum nawa ne a labarin.

Sai masu cewa tunda yana tuna rayuwarka to kai ne. Wannan ra'ayin ana jingina shi ga masanin falsafa John Locke tun 1694, kuma wani masanin falsafar, Thomas Reid, ya kwance masa zani a kasuwa a 1785 da misalin soja. An zane wani yaro saboda satar 'ya'yan itace, ya girma ya zama hafsa ya ƙwace tutar abokan gaba yana tune da bulalar, da ya tsufa ya zama janar yana tuna tutar amma bulalar ta ɓace masa gaba ɗaya. Kenan janar shi ne hafsa, hafsa shi ne yaro, amma janar ba yaron bane? Lissafi ya ƙi. Gyaran shi ne a daina neman tunawa kai tsaye, a nemi sarƙa: yau tana riƙe da jiya, jiya da shekaranjiya, kuma ba tunawa kaɗai ba har da hali da niyya da abinda mutum ya yi imani da shi. Wannan sarƙar ita ake nufi da ɗorewar hankali, kuma a kanta na Mars ya ci jarrabawa.

Anan ne da yawa suke tsayawa su ɗauka an gama, kuma a ganina wannan ya fi sauran muni, don ba su gwada sigar labarin ta biyu ba. A ce an sabunta na'urar, yanzu tana kwafa amma bata rusa jiki. Ka danna, ka fito lafiyarka ƙalau kana nan a duniya, ga wani kuma a Mars yana rantsuwa shi ne kai, sai ma'aikaci ya ce maka yi haƙuri na'urar ta taɓa maka zuciya kwanaki kaɗan suka rage maka. Ku biyun kowa yana da sarƙar nan cikakkiya. In sarƙa kaɗai ta isa to dukkanku mutumin da ya shiga ɗakin ne, kenan ku ma mutum ɗaya ne, alhali in aka mintsini na Mars kai ko gezau, kuma kai ne za a binne ba shi ba.

Masu wannan ra'ayi sukan yi faci su ce sarƙar tana aiki ne kawai in bata rabu gida biyu ba. Yana toshe ɓarakar kam, amma ka san farashinsa: na Mars dai shi ne shi a labarin farko da na biyu, ba abinda ya canza a jikinsa ko kansa, amma zamansa kai ya dogara da ko an rusa wani jiki a wata duniya. Shi Parfit haɗiye wannan ya yi, ya ce zama mutum ɗaya ba shi ne abin damuwa ba, sarƙar ce. Ni dai da wuya hakan ya kwantar min da hankali in ni ne mai ciwon zuciyar.

Wasu kuma sai su ruga wajen jiki, su ce jiki ɗaya mutum ɗaya shikenan. To wane jikin? In kayan da aka gina shi da su kake nufi, ai suna ta sauyawa tun kana jariri. In kuma rayayyen jikin da bai taɓa yankewa ba kake nufi, to ka faɗi haka, amsarka ta fito fili, na'urar farko kisa ce. Amma sai ka shirya wa tambaya ta gaba, in aka ɗauke ƙwaƙwalwarka aka dasa a wani jikin, aka bar naka yana numfashi da injin asibiti, a wane gadon kake kwance?