Yadda ake fassara takardar wakilci ta Masar daga Larabci zuwa Turanci

Masu koyo da yawa suna da Larabci mai kyau, amma takardar wakilci na kayar da su, saboda sun saba gyara magana ta yi daɗin karatu. A nan ba a gyara. Mu ɗauki takardar da aka yi a ofishin Shaharul Aƙari na Alƙahira, wato ofishin rajistar gidaje da filaye da tabbatar da takardu, inda wani mai gida ya naɗa ɗan'uwansa wakili kan gidan.

Da farko, kafin ka rubuta komai, ja layi ƙarƙashin kowane aikin da aka ba wakili, ka ƙirga su. Idan goma sha biyu ne a Larabci, goma sha biyu za su fito a Turanci. Dalili yana cikin dokar farar hula ta Masar ta 1948: sashe na 701 ya ce wakilcin da aka rubuta a dunƙule ikon kula da dukiya kawai yake bayarwa, na 702 kuma ya ce sayarwa, jingina, kyauta, sulhu, iƙirari da tsayawa gaban kotu sai an ambace su musamman. To idan ka dunƙule jerin ka ce wakili zai gudanar da dukkan harkokin gidan, lauyan da zai karanta Turancin ba zai san iyakar ikonsa ba.

Inda aka fi faɗuwa shi ne البيع للنفس أو للغير. Mai koyo sai ya rubuta "to sell" ya wuce. Alhali sashe na 108 ya hana wakili ƙulla ciniki da kansa sai da izini, kuma wannan jumlar ce izinin. Rubuta "to sell to himself or to third parties", kada ka rage harafi. Haka وله حق توكيل الغير في كل أو بعض ما ذكر: ikon wakili ne na naɗa wani wakilin, a duka ko a wani ɓangare, kuma dole "in all or part" ya fito. Idan kuwa takardar ba ta ambaci karɓar kuɗin ciniki ba, kada ka ƙara don ka ga ya dace.

Maganar jami'in da ya tabbatar da takardar a bakinsa take, ka bar ta haka. أمامنا نحن ni "Before us" nake sa, ba na mayar da ita labari. Jumlar ƙarshe, cewa an karanta wa wanda ya ba da wakilcin sannan ya sa hannu, ita ma a fassara ta cif. Masu ragi don shafi ya yi araha ita suke fara yankewa.

Sunaye a kwafo daga fasfo, harafi da harafi. Lambar takarda, harafinta da shekararta su zauna yadda suke. Kowane hatimi a faɗi abin da ke jikinsa, wanda bai karantu ba a ce bai karantu ba. Sai shaidar mai fassara, sa hannu da kwanan wata.