Kurakuran da muke yi wajen zaɓen fim idan yara manya da ƙanana za su kalla tare

A gidanmu da ke Aboabo, nan Kumasi, talabijin ɗaya ce a falo, kuma yara uku ke zama gabanta: babbar 'yata mai shekara 14, ƙanenta mai 9, sai auta mai 4. Daren Asabar bayan sallar Isha shi ne daren kallonmu. Na daɗe ina tafka kurakurai wajen zaɓen fim kafin na gane inda gizo ke saƙar.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar fim na tsaka-tsaki. Sai uwa ta ce, wannan bai yi wa babba yarinta ba, bai kuma yi wa ƙarami nauyi sosai ba, a sa. Abin da ido zai gani da abin da kunne zai ji, da ƙaramin yaro ake auna su. Labarin ne kawai ake zaɓa don manya. Babba yana iya jure fim mai sauƙi, ƙarami kuwa ba ya iya goge abin da ya riga ya gani.

Wani dare muka sa fim na Tuwi, irin na barkwanci da ake yi a nan garin. Kowa na ƙyalƙyala dariya, sai ga wata tsohuwa ta rikiɗe ta zama maciji, ido jajir, ga ƙarar kiɗa. Abin bai kai minti ɗaya ba. Manyan suka ci gaba da dariya, auta ya yi tsit. Kwana uku a gadona ya kwana, kuma da ya hango tsohuwar da ke sayar da koko da ƙosai a bakin layinmu sai ya ɓuya a bayana.

A nan na fahimci cewa tsoro ma yana da shekaru. Yaron da bai kai shekara 7 ba, kamanni ke firgita shi: mummunar fuska, mutum ya koma dabba, duhu, ƙara mai zuwa ba zato. Ko dodon mai kirki ne a labarin, shi fuskar yake gani. Daga shekara 8 zuwa 12 kuwa, yaro ya san dodo ƙarya ne, abin da ke taɓa shi shi ne wanda zai iya faruwa da gaske: satar yara, gobara, 'yan fashi a cikin gida, mutuwar uwa ko uba. Shi ya sa cewa "ai katun ne" ba hujja ba ce. Katun da yawa da mutuwar mahaifi ko mahaifiya suke buɗe labari. Bayan mun kalli wani irinsa, auta ko a jikinsa, amma ɗan shekara 9 ya same ni a madafa ya ce, "Mma, in kin mutu wa zai riƙe mu?" Don haka idan ina duba fim yanzu, tambaya biyu nake yi, ɗaya don auta, ɗaya don ɗan shekara 9.

Kuskure na biyu shi ne dogara da lambar shekaru. Lambar tana da amfani, amma a karanta ta duka. A tashoshin dikoda, kusa da 13 ko 16 sau da yawa akwai haruffa: V na nufin duka da kisa, L munanan kalamai, S al'amuran kwanciya, N tsiraici. Haruffan sun fi lambar faɗin gaskiya. PG kuma ba ta nufin na yara ne, nufinta babba ya duba ya kuma zauna tare da su. A lura da tsofaffin finafinan Amurka: sai a 1984 aka ƙirƙiro PG-13, alamar da ke gargaɗin iyayen yaran da ba su kai shekara 13 ba, saboda haka fim mai PG da ya girmi wannan shekara yana iya ɗauke da abin da yau ba za a ba shi wannan alamar ba. Masu sa lambar nan kuma ba da tarbiyyar zango suke auna ba. Sumba ko yaro ya ɗaga wa uwarsa murya na iya wucewa a wurinsu, a falonmu kuwa, gaban Hajiya Kaka, kowa sai ya rasa inda zai sa idonsa.

Mafi yawan abin da muke kallo ma ba shi da lamba. An turo shi ta waya ne, ko an loda a fulash a shago. Wannan ba shi da magani sai dubawa da ido, kuma ba ya cin lokaci kamar yadda ake zato. Ranar Alhamis, bayan yara sun kwanta, nakan kalli minti goma na farko, sannan in riƙa tsallakawa minti goma-goma ina ɗan tsayawa, sai in kalli ƙarshen da kyau, domin can ake tara faɗa da jini. Duka bai wuce rabin awa ba. Idan fim ɗin Indiya ne mai fassarar Hausa, ina buɗe sautin, saboda wani lokaci hoton ba laifi, bakin mai fassara ne ke sakin habaici da ashar, washegari ka ji su a bakin yaro. Idan na Turawa ne, shafin IMDb yana da sashen Parents Guide inda masu kallo ke lissafa wuraren ban tsoro ɗaya bayan ɗaya.

Sai tsawon fim. A Kumasi rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6 duk shekara, kafin a yi Isha a ci tuwo, takwas saura kwata ta yi. Fim na minti 90 zai ƙare tara da kwata. Na Indiya mai awa uku zai kai mu sha ɗaya saura, ga makarantar allo da safe. Ɗan shekara 4 ba zai kai ko rabi ba, zai fara tsalle a kujera, yayarsa ta daka masa tsawa, dare ya lalace. Dogon fim a raba shi kwana biyu.

Akwai kuma kuskuren miƙa wa babba rimot, ko a ce a ɗaga hannu. Auta duk abin da yayarsa ta so shi zai ɗaga wa hannu. Ni nake tace guda uku da na riga na duba, su zaɓi ɗaya a ciki. Ita babbar ban bar ta da haushin kallon na yara kullum ba. Na ja ta gefe na ce, "Ke ce Yaya, ki taya ni dubawa ranar Alhamis." Tun daga nan ita ke nuna mini wuraren da na tsallake, kuma idan auta ya yi barci muna ƙara mata rabin awa na abin da ya dace da ita.

Duk da haka wani abu zai kuɓuce. Alamarsa ba kuka ba ce koyaushe. Yaro ya daina surutu, ya hau cinya, ya sa yatsa a baki, ko ya riƙa tambaya "ya ƙare?" A dakatar nan take, a kunna fitila, a rage sauti. Ɗan shekara 4 ba ya jin "ba gaske ba ne", ɗauka da runguma yake ji, a kuma hana yayye yi masa dariya. Ɗan shekara 9 shi amsa yake so: an kulle ƙofa, Baba na gida, ga wanda za a kira in wani abu ya faru. Idan fim ya ƙare, a kashe talabijin kafin na gaba ya fara da kansa, domin tallan fim ɗin manya da ke biyo baya ba wanda ya duba shi ranar Alhamis.