Kurakuran da ake ta maimaitawa a rubutun bidiyon girki na minti 2: misali da ɗanwake

Cikin wata guda 'yan mata uku suka turo mini bidiyon girkinsu wai in duba, kuma duk ukun ciwonsu ɗaya. Sun iya girki, hannunsu da daɗi, amma babu wadda ta zauna ta rubuta abin da za ta faɗa da abin da za ta nuna kafin ta kunna waya. Na gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta. Zan yi misali da ɗanwake, domin shi ne ya taɓa kunyata ni.

Abu na farko, minti 2 daƙiƙa 120 ne kacal, kuma baki yana da iyakar gudunsa. Ni na auna nawa da agogon waya: in ina magana a natse, kalma biyu nake furtawa a daƙiƙa. Ke nan ko ban numfasa ba, ba zan wuce kalma 240 ba. Sai kuma ki tuna mai kallo yana son jin tafasar ruwa da ƙarar mai in ya sauka a kan yaji. Don haka ba na barin rubutuna ya haura kalma 160. Na rubuta, na karanta da ƙarfi ina duban agogo, na soke abin da ya yi yawa. Wadda ba ta yi haka ba za ki ji ta a ƙarshen bidiyo tana zuba kamar mai kiran fasinja a tasha.

A cikin wannan ɗan lokaci ne wata za ta ɓata daƙiƙa 25 tana sallama, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake saduwa, da fatan an tashi lafiya, ya yara ya maigida. Mu Hausawa ba ma wasa da gaisuwa, na sani. Yi sallama, kalma biyu ce, amma ki yi ta a lokacin da hoton farantin ɗanwake yake kan allo, mai na ƙyalli a kansa. Sauran gaisuwar ki ajiye ta sai kin je gidan suna.

Yanzu ga wanda ya ƙona ni. A bidiyona na farko na ɗanwake, da na zo kan kanwa, abin da na faɗa shi ne: "Sai ki zuba 'yar kanwa." Shi ke nan. Ni na san abin da nake nufi, tun ina yarinya nake ganin hannun Inna. Amma yarinyar da ta tashi a makarantar kwana fa? Kwana biyu sai ga saƙonni. Wata ta ce nata ya yi baƙi ƙirin yana ɗaci, wata ta ce maigidanta ya kwana zaryar bayi. Mafi ciwo, wata amarya ce ta yi wa dangin miji, ta ce da bidiyona ta dogara. Kunya ta hana ni barci, na goge bidiyon, na yi watanni ban sake ɗora komai ba. Laifin na rubutu ne: kalmar "'yar" ba ma'auni ba ce. Kanwa kuma ba ƙarfinta ɗaya ba, wata ta fi wata kaifi, ga shi wata tana zuba garinta kai tsaye har da yashin. Tun daga ranar na kafa wa kaina doka: duk abin da yawansa zai iya ɓata girki, sai an faɗi adadinsa da baki, an kuma nuna shi a tafin hannu kusa da kyamara. Yanzu layin nawa ya zama: "Kanwa kamar ƙwayar gyaɗa biyu, ki jiƙa a rabin kofin ruwa, ruwan saman kawai za ki tsiyaya." Kuma don Allah ku daina cewa "mudu" ko "kwano" a girkin gida. Mudun wata kasuwa ba shi ne na wata ba. Ɗauki kofi ɗaya, nuna shi, auna komai da shi.

Wani kuskuren mai tsada: rubuta magana kaɗai, a manta da hoto. Ɗanwake sau ɗaya yake tasowa saman ruwa. In lokacin da ya taso kina can kina yanka albasa, ko tururi ya rufe idon kyamara, sai dai ki sake kwaɓi. Ni kam na taɓa yin tukunya uku a yini ɗaya, har maƙwabta suka fara tambaya ko sadaka nake. Yanzu ina raba takarda gida biyu, hagu abin da ido zai gani, dama abin da baki zai faɗa, da lokaci a gefe. Ga yadda nawa yake:

Daƙiƙa 5 na farko, faranti ya haɗu, ana zuba mai. Baki: "Assalamu alaikum, ga ɗanwaken da ba ya watsewa a tukunya." Zuwa daƙiƙa 20, kayan haɗi a jere. Baki: "Garin wake kofi 2, garin alabo kofi 1, kuka cokali 2," sai layin kanwar nan. Daga nan zuwa 50, kwaɓi. An tankaɗe garin da kuka, ana zuba ruwan kanwa, ana ƙara ruwa kaɗan-kaɗan. Baki: "Ki duba, in kin ɗaga ya kama hannu ya yi danƙo. In yana zuba kamar kunu, ƙara gari." Daga 50 zuwa 90 na tukunya ne, kuma nan na fi ba wa lokaci. Baki: "Sai ruwa ya tafasa sosai. Jefa guda ɗaya ki gwada, in ya watse kukarki ta yi kaɗan." Sai in yi shiru ana jefawa, a ga ya nutse, a ga ya taso. "Ya taso ba ya nuna ba, ba shi kamar minti 10, kar ki rufe tukunya ruf, kumfa zai zubo." Daga 90 zuwa 105, a tsame a zuba cikin ruwan sanyi, a raba guda ɗaya a nuna cikinsa ba gari. Ragowar na man gyaɗa ne da yaji, tumatir, albasa da dafaffen ƙwai.

Kin lura babu inda na ce "yanzu ina juyawa" ko "ga shi ina zubawa"? Mai kallo ba makaho ba ne. Baki ya faɗi abin da ido ba zai gane ba: nawa, minti nawa, yaya za a san ya yi. Haba, hannunki na cikin kwaɓi muna gani, kuma kina sanar da mu cewa kina kwaɓawa!

Sauran ƙanana ne. Kar ki rubuta Hausar littafi, rubuta yadda za ki gaya wa ƙanwarki a kicin. In da fulawa kike haɗa naki maimakon alabo, faɗi haka, kar ki ce shi ne na asali, mutanen ƙauye za su taso miki. In kin yanke lokacin jira, faɗi tsawonsa, kar a zaci ɗanwake na nuna a daƙiƙa 40. Murya kuwa, ni bayan na gama ɗauka nake ɗora ta, da dare in an kashe janareta, yara sun yi barci, ina zaune a tsakiyar gado da takardar a hannu.